Darasi na Tara: Tsane Kindirmo da Amfani da Ruwansa

A ƙasar Kabo da Gwarzo nono ya fi yawa da damina. Shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, ƙwaryar 'yar Fulani ta cika, kuɗinsa ya sauko, har wata rana mai talla ta koma ruga da ragowa. Da rani kuwa, idan makiyaya sun yi kudu neman ciyawa da ruwa, kindirmo mai kyau sai an nema. Wannan darasi zai koya muku yadda za ku tsane kindirmo ya zama mai kauri, wanda ake ɗiba da cokali ko a shafa a burodi, da kuma abin da za ku yi da ruwan da ya ɗiga daga cikinsa. Mutanen Lebanon, waɗanda suka haura shekara ɗari suna zaune a Kano, suna kiran irin wannan abinci labna, kuma da shi suke karya kumallo. Kayan aikin duk akwai su a gidajenmu: farin ƙyalle, kwando, roba mai zurfi, igiya da gishiri.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwarya

Madarar saniya, idan aka kasa ta kashi 100, wajen kashi 87 ruwa ne. Ragowar su ne mai, da sukarin madara, da furotin mai gina jiki, da sinadarai irin su kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Idan aka zuba ɗan tsohon nono a cikin madara aka rufe ta kwana, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin tsohon nonon suna cin sukarin suna mai da shi tsami. Tsamin nan shi ke sa furotin ya harhaɗu ya kama jikinsa, ya zama kamar raga mai ƙananan idanu wadda ta riƙe mai da ruwa a cikinta. Wannan shi ne kindirmo. Duk wadda ta taɓa sa ludayi ta ɗebi kindirmo daga tsakiyar ƙwarya, ta dawo bayan ɗan lokaci, ta ga wani ruwa garai-garai mai ɗan launin ɗorawa ya taru a ramin. Ruwan da ragar ta saki ke nan. Tsanewa ita ce a ba wannan ruwa hanya ya fita, mai da furotin su tsaya a cikin ƙyalle.

Daga nan za ku gane dalilin da ya sa ba kowane nono ake tsanewa ba. Nonon da aka kaɗa aka cire man shanu, aka burga shi da maburgi aka ƙara masa ruwa, ragarsa ta riga ta tsinke. In kun zuba shi a ƙyalle, fari fat zai riƙa bi ta cikinsa, abin da zai saura kaɗan ne, ga tsami ga gari-gari a baki. Haka kuma nonon da aka kaurara da garin kwalba ta kuka ko da sitaci: a ido yana da kauri, amma sitacin yana riƙe ruwa yana toshe idon ƙyalle, sai a kwana ana jira bai ɗiga ba. Yawancin yogot na roba da ake sayarwa a kanti shi ma an sa masa sukari da abin kaurarawa, don haka ba ya yi.

Wajen saye, ku roƙi mai nono ta yanko muku kindirmo da ludayi daga wanda ba a taɓa ba. Mai kyau yana fitowa gunduwa guda, gefensa sumul, kuma ba a daɗewa ruwa mai haske zai fara fita daga jikinsa. Idan kuka murza ɗan kaɗan tsakanin yatsu kuka ji yauƙi ko tsaki-tsaki, ku bar shi a sha da fura.

Ni dai shawarata, ku sayi madara ku haɗa kindirmon da kanku, saboda dalili biyu. Na farko lafiya. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka da ta bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, yana kuma sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Tsami shi kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen kashe su, tsanewa kuma ba ta kashe komai. Wuta ce ke kashe su. Na biyu auki. Idan aka dafa madara har ta fara tasowa, aka rage wuta aka bar ta minti 10 zuwa 15 ana juyawa don kada ta kama, wani ɓangare na furotin da zai bi ruwa ya tafi yana manne wa ragar ya zauna. Kindirmon yana fin kamawa, abin da za ku samu a ƙyalle yana fin yawa. Bayan an sauke, a bar madarar ta huce har mutum ya iya sa tsabtataccen yatsa ya ƙirga goma bai ji zafi ya dame shi ba. Sai a zuba kindirmon jiya cokali biyu babba a kowace lita, a juya sau ɗaya, a rufe da faifai, kada a ƙara motsa shi sai ya kama.

Ƙyalle da wuri

Ƙyallen da ya dace shi ne farin yadin auduga marar rini, mai saƙa madaidaiciya, irin wanda ake tatar gasara da shi. Tsawonsa da faɗinsa su kai kamu ɗaya da rabi, don bakinsa ya ɗauru ba tare da kindirmo ya ɓullo ta gefe ba. In saƙarsa ta yi sako-sako a ninka shi biyu. Atamfa ba ta yi, don tsami yana fitar da rini. Kafin a yi aiki da shi a tafasa shi minti biyar a ruwa zalla, a matse, a shimfiɗa shi da damshinsa. Busasshen ƙyalle yana shan kindirmo ya manne masa. Bayan an gama kuma a fara ɗauraye shi da ruwan sanyi, saboda ruwan zafi yana dafa furotin a cikin zaren ya toshe shi. Daga baya a wanke da sabulu marar ƙamshi, a shanya a rana. Ƙyallen da aka wanke da omo mai turare, ƙamshinsa yana shiga abincin, kuma ba ya fita.

Abin da zai tari ruwan ya zama roba mai tsabta, ko kwanon tangaran, ko samira wadda ba ta ɓantare ba. Kada a tara shi a tukunyar alminiyam ko gwangwani, domin tsami yana cin ƙarfen, ruwan ya yi ɗanɗanon tsatsa.

Wuri da lokaci su ne suka fi ba mutane wahala a wannan yanki. Ƙwayoyin da suka mai da madara kindirmo ba su mutu ba, suna nan suna aiki a cikin ƙyalle, kuma zafi yana ƙara musu sauri. Mai firji da tsayayyiyar wuta sai ta sa kwandon da robar gaba ɗaya a ciki. Wadda ba ta da shi, dare ne lokacinta. Da hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, sanyin dare ya isa, sai dai a rufe saboda ƙura. Da damina ma dare yana yi, amma a kula da ƙuda. Da bazara, watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 kuma ɗaki ba ya hucewa ko da dare, kada a wuce awa huɗu zuwa biyar. A rataye shi a kusa da randa, inda iska ke wucewa, a lulluɓe da wani jiƙaƙƙen ƙyalle daga waje. Kauri ba zai kai na hunturu ba, amma gara a samu mai ɗan laushi da a samu wanda ya yi tsamin da ba ya ciwuwa.

Lita huɗu, daga magariba zuwa asuba

Bari mu bi aikin da misali. A ce wata ɗaliba a Garo ta haɗa kindirmo lita huɗu a cikin watan Agusta. Ledar ruwan sha da ake sayarwa rabin lita ce, don haka lita huɗu daidai take da cikin leda takwas. Da wannan kowa zai iya auna robarsa ya sa mata alama.

Bayan sallar magariba ta ɗora kwandon roba a kan bokiti mai zurfi, ta shimfiɗa damshin ƙyallen a ciki. Ta riƙa yanko kindirmon da ludayi tana ajiyewa a hankali, ba ta tuttula shi ba, ba ta kuma burga shi ba. Ta haɗa kusurwa huɗu ta rufe samansa, ta bar shi a kwandon. A mintunan farko ruwan yana fitowa da ɗan fari, wannan ba komai, tana iya mayar da shi cikin ƙyallen. Bayan haka sai ya washe, ya koma garai-garai mai launin ɗorawa da ɗan kore. A awa biyun farko ne ruwa ya fi zuba, fiye da lita guda yakan fita. Wajen ƙarfe tara na dare ta buɗe, ta sa cokali mai tsabta ta kankare wanda ya manne a jikin ƙyallen ta mayar da shi tsakiya. Wannan ɗan aiki yana da muhimmanci, domin na jikin ƙyalle yana riga na tsakiya bushewa, sai ya zama bango ya hana sauran ruwan fita. Daga nan ta ɗaure bakin ƙyallen da igiya, ta rataye shi a ƙusa, ta bar tazarar taƙi guda tsakanin gindinsa da ruwan da ke cikin bokitin. In gindin ƙunshin ya taɓa ruwan, tsanewa ta tsaya.

Da asuba, bayan awa goma ko sha ɗaya, za ta tarar da ruwa wajen lita biyu da rabi, a ƙyalle kuma abin da ya kai kilo ɗaya da rabi. Ba kullum lissafin ke fitowa daidai haka ba: madarar damina ta fi ruwa, ta rani ta fi mai, wadda aka yi wa algus da ruwa kuwa a nan asirinta ke tonuwa, don abin da zai saura bai kai kilo guda ba. Alamar ya yi ita ce ya saki ƙyalle da kansa ya faɗo dunƙule guda, in an sa cokali a tsakiyarsa ya tsaya bai faɗi ba.

Wasu suna gajiya da jira su kama ƙunshin su matse. Kada a yi haka. Matsa tana tura mai da furotin su bi ta idon ƙyalle, ruwan ya yi fari, aukin ya ragu. Wadda take son ya fi haka tauri, bayan awa shida ta mayar da ƙunshin cikin kwando, ta ɗora faranti a kansa, ta ɗora robar ruwa mai lita ɗaya a kan farantin.

Yanzu maganar gishiri. Masu yin labna da yawa suna zuba gishiri tun kafin su ɗaure, don yana taimakawa ruwa ya fita. Ni na fi son a bar shi sai an sauke, kuma dalilina shi ne ruwan. Mafi yawan gishirin da aka zuba tun farko bin ruwa yake yi, sai a wayi gari da lita biyu da rabi na ruwa mai gishiri, wanda ba ya shiga kunu, ba ya zama irin kindirmo, ba a kuma zuba wa shuka. In an sauke sai a sa ƙaramin cokali biyu a shafe a kilo ɗaya da rabi, a cuɗa sosai. Wanda za a ci da zuma, ko dabino, ko a dama fura da shi, a ware shi kafin a sa gishirin.

Ga lissafin mai son sana'a. A ce litar kindirmo ta tsaya mata naira 1,000. Lita huɗu naira 4,000 ke nan. In ta raba kilo ɗaya da rabi a ƙananan robobi masu cin giram 100, za ta samu 15, kowace ta tsaya mata kusan naira 270, ban da kuɗin roba da itace. Wadda ta sayar da shi a farashin kindirmo ta faɗi tun kafin ta fita daga gida. Ku sa farashin kasuwarku na yau a gurbin wannan, ku sake lissafin.

Ajiya da alamun lalacewa

Tsanewa tana rage ruwa, amma ba ta mai da shi cuku irin na Abzinawa da ake busarwa a rana ya yi watanni. A firji, cikin roba mai murfi, yana kai kwana biyar zuwa bakwai. In babu firji, wanda aka sa wa gishiri a ci shi a ranar ko washegari, marar gishiri kuwa a ranar. Kullum a ɗiba da busasshen cokali mai tsabta.

Ɗan ruwa da ya taru a samansa ba lalacewa ba ne, a tsiyaye. Amma idan murfin robar ya kumbura, ko aka ji yana tsatsa a harshe yana warin giya, yis ya shiga. Idan ya yi yauƙi yana jan zare, ko ya yi ɗaci, ko aka ga ɗigon hunhuna ruwan hoda, kore ko baƙi, a zubar da shi duka. Kada a kankare saman a ci na ƙasa, domin a abinci mai laushi saiwar hunhuna tana nutsawa inda ido ba ya gani.

Ruwan da ya ɗiga

A misalinmu, cikin lita huɗu da aka biya kuɗinsu, biyu da rabi suna cikin bokiti. Wajen kashi 94 cikin 100 na wannan ruwa, ruwa ne zalla, amma ragowar akwai sukarin madara, da tsami, da kalsiyam mai yawa, da bitamin B2 wanda shi ne ya ba shi wannan launi. Furotin da mai kaɗan ne a cikinsa. Saboda haka ba ya maye gurbin madara, kuma kada a ba jaririn da bai kai wata shida ba, wanda nonon uwa kaɗai ya kamata ya sha. Da an sauke ƙyalle a juye ruwan a roba mai murfi. A firji yana kwana huɗu ko biyar, a waje kuwa a yi amfani da shi a ranar, ko a tafasa shi.

Amfaninsa na farko shi ne iri. Ƙwayoyin kindirmo suna cikinsa da ransu, don haka cokali huɗu ko biyar babba na ruwan yau sun isa su kama litar dafaffiyar madara. Sharaɗin shi ne ya zama sabo, marar gishiri, wanda ba a tafasa ba.

Na biyu, duk inda girki ke neman tsami. Ana dama kunu da shi a maimakon ruwan tsamiya: a haɗa rabi ruwa rabi shi, a tafasa, a dama. Ana sassauta fura da shi in ta yi kauri. A ƙullun waina ko kwaɓin fanke, a maye rabin ruwan da shi. Ƙullun yana saurin tashi, don haka a rage lokacin da aka saba barinsa, in tsamin ya so ya yi yawa a ɗiga ruwan kanwa kamar yadda aka saba. Naman tsohuwar kaza ko na tunkiya mai tauri, in aka jiƙa shi a ciki da citta da tafarnuwa awa biyu a wuri mai sanyi, yana saurin nuna.

Amfanin da na fi so ɗalibai su gwada shi ne wanda ya shafi masu awara, don kusan kowace unguwa a Kabo akwai mai yin ta. Abin da ruwan tsamin gasara ke yi wa tafasasshen ruwan waken suya, wannan ruwan ma yana yi. Haka kuma yana tsinka madarar shanu. A tafasa madara kofi huɗu, a sauke, a riƙa zuba ɗumammen ruwan kindirmo kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali. Tsakanin kofi ɗaya da ɗaya da rabi za a ga farin ya dunƙule ya rabu, ruwan ya washe. A bar shi minti goma, a juye a ƙyalle, a danne da nauyi na awa guda. Abin da ya fito ana yanka shi a soya kamar awara, ba ya narkewa a mai. In an zuba kofi biyu bai tsinke ba, ko dai madarar ta huce, ko tsamin ruwan bai kai ba. A mayar kan wuta, ko a ƙara matsin lemon tsami guda.

Abin da ya saura na dabbobi ne. A kwaɓa dusa da shi a ba kaji, daidai abin da za su cinye nan take, don jiƙaƙƙiyar dusa tana hunhuna in ta wuni. Ragon kiwo da ɗan maraƙin da ya fara cin ciyawa a fara musu da kofi guda a cikin ruwan dusa, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako, saboda in aka ba su da yawa rana ɗaya yana sa su zawo da kumburin ciki. Na shuka kuma, kofi ɗaya a cikin kofi goma na ruwa, a zuba a gindi, ba a kan ganye ba, kuma ba kullum ba. Wanda bai da inda zai kai shi ya zuba a kan tarin taki. Kada a tuttular da shi a kwata ko a kududdufi: yana ruɓewa ya yi wari ya tara ƙuda, kuma ruɓewarsa tana cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa.

Aikin gida

Kowace ɗaliba da kowane ɗalibi ya tsane kindirmo lita ɗaya kafin haɗuwarmu ta gaba. Ku rubuta a littafinku lokacin da kuka ɗaure, da lokacin da kuka sauke, da yawan ruwan da ya fita bayan awa biyu, da wanda ya fita gaba ɗaya, da abin da kuka yi da shi. Waɗanda ke zaune kusa da juna su haɗa kai: ɗaya ta yi da kindirmon da ta dafa madararsa da kanta, ɗaya ta yi da na kasuwa, don mu gwada aukinsu a aji. Ku zo da ƙyallen da kuka yi aiki da shi a wanke a bushe, za mu duba saƙarsa tare.